Gari Biyu, Ruwa Bakwai

Kwanon farko da Baba ya jefe ni da shi bayan an sallamo shi daga asibiti, a goshi ya same ni. Kunu ne a ciki, na masara, da ɗuminsa. Ya bi ta gashina ya gangaro cikin kunnena, ni kuma ina durƙushe da ludayi a hannu ban ma san ta inda zan fara gogewa ba. Da hannun hagu ya yi jifan, don na daman ya riga ya mutu. Wallahi abin da ya fara zuwa raina shi ne, ashe hagun ma tana da saiti.

Bari in fara muku da yadda Baba yake kafin ciwon, don ku gane abin da ya sa kwano yake tashi sama a gidanmu. Manomin masara ne a wani ƙauye kusa da Tudun Wada, kuma mutum ne mai zafin zuciya da saurin hannu. Ni ce auta. Na tashi na tarar da dokar tuwo a gidan: in aka ajiye masa akushi, sai ya buɗe ya danna malmala da babban yatsa. In yatsan ya nutse, to ranar ba zaman lafiya. Na taɓa ganin ya ɗauki malmala guda ya maka ta da bangon rumfa, ta fashe ta manne, ya nuna wa Inna, mahaifiyarmu, da yatsa.

"Dubi wannan. Tuwo ne wannan ko yaɓe? In ginin ɗaki kike so ki gaya min in kawo miki ƙasa."

Shi tuwo a wurinsa sai wanda za ka yanka da gefen hannu, ka ci da yamma ka wayi gari kana huɗa ba ka nemi komai ba. Inna ta shekara aru-aru tana tuƙa masa irin wannan, har damtsenta ya fi na wasu mazan. Kuma kullum shi da Yaya, babban wana, akushi ɗaya suke sa hannu, a kan tabarma ɗaya, tun Yaya yana yaro har ya yi gemu.

Sai hawan jini ya kayar da shi a gona ana cikin karyar masara. Ɓarin damansa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta tafi. Abin da ya rage masa "a'a" ne, da "kai", da salati. Salatin kam yana fita tas, ba gargada. Ranar da za a sallame mu wata ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe, don ta ga ni ce mai kwana a wurinsa, ta ce maƙogwaronsa ma ya taɓu. Abu mai ruwa tsululu zai riga shi gudu ya faɗa hanyar numfashi ya sarƙe shi. Abu mai tauri kuma zai tsaya masa ya shaƙe shi. Ta ce a nemi tsaka-tsaki, a zaunar da shi tsaye ƙyam, a ba shi kaɗan-kaɗan. Iyakar abin da ta ce ke nan, ta wuce wurin wani.

To ina tsaka-tsakin yake? Nan fa ake yin ta.

Mun gwada kunu, kun ji abin da ya faru da goshina. Kafin ya jefe ni ɗin ma sai da kurɓa biyu ta sarƙe shi, ya yi ta tari har jijiyoyin wuyansa suka miƙe, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Muka kaurara kunun, ya daina sarƙe shi, amma sai da cokali, shi kuma ya tsani cokali kamar ya tsani mutuwarsa. In na miƙa, sai ya datse haƙora. In na matsa, sai ya kai min hagu. Ya mari Inna, ya ciji yatsan Yaya har jini, ya karya min cokalin roba da haƙori ya tofo min gutsuren a ƙirji. Mutumin da aka saba ajiye wa akushi a ja da baya, yanzu an ware masa ɗan kwano kamar yaron yaye, ana cewa "Baba, buɗe baki." Na fahimce shi sarai. Amma kullum ƙara zubewa yake, rigarsa tana yi masa yawa, wuyansa ya zama kamar na zakaran da aka fige. Inna tana kuka a bayan rumbu tana cewa yunwa ce za ta kashe Malam, ba ciwon ba.

Liman ya zo dubiya ya gaya masa a gabanmu cewa mai lalura ba laifi ya ci da hagu. Baba ya kawar da kai, amma na ga ya ji. Daga nan na gane abin da ake nema: abin da zai sa hannunsa ya gutsura da kansa, ya tsaya masa a yatsu kamar tuwo, amma in ya shiga baki ya narke ya wuce. Tuwo a ido da hannu, a maƙogwaro kuma wani abu daban.

Ni fa ba wanda ya zaunar da ni ya koya min. Inna da ido take girki, in ka tambaye ta gari nawa sai ta ce "har ya yi." Sai na samo gwangwanin madara na wanke, na ce ni da wannan zan yi yaƙina. Na fara da auna tuwon Inna tana yi ina ƙirgawa, tana ta yi min tsiya wai na zama malamar awo. Nata, in gari gwangwani ɗaya ne, ruwa biyu ne, wani lokacin ma bai kai ba. Kunun da ake sha da ludayi, gari ɗaya yana ɗaukar ruwa takwas. Mai kaurin cokali, biyar zuwa shida. Kun ga ke nan abin da nake nema yana tsakanin biyu da biyar, kuma wallahi filin nan da kuke gani ɗan ƙarami, faɗi gare shi. Na ɓata gari har Inna ta fara ɓoye min ƙwaryar. Kajinmu kuwa sun yi ƙiba a wannan watan.

Abubuwan da na gano, ina jin daɗin faɗarsu har yanzu, ko a gidan biki ne in aka taɓo maganar sai an ce in yi shiru. Ruwan da za ki dama talge da shi, cikin lissafi yake. Mutane suna auna na tukunya su manta da na damu, sai su yi mamakin abin da ya sa tuwo ya saki. Garin sabuwar masara bai kai na tsohuwa shan ruwa ba, don da sauran danshi a jikinsa, sai kin ɗan rage ruwan. Itace ma yana da nasa: in wuta ta yi ƙarfi kuma tukunya a buɗe, ruwa ya tafi sama, lissafinki ya rushe. Talge kuwa in kika cika masa gari tun farko, ba tafasa yake ba, harbi yake. Ya yi kumburi ya fashe ya watso miki, ya manne a fata ya ci gaba da cin nama. Har yanzu bayan hannuna akwai tabonsa ɗigo-ɗigo kamar na zabuwa.

Babban abin kuma, wanda shi ne ya jawo duk abin da zan ba ku labari: tuwon masara a kan wuta ƙarya yake yi. In yana da zafi sakwa-sakwa yake, sai ya huce yake kama jikinsa. Wanda ya leƙa tukunyata zai rantse kunu ne mai kauri. Amma in na kwashe da mara na zuba a akushi na rufe ya sha iska, sai ya daskare ya zauna ɗas, ya yi santsi a sama. A nan na tsaya: masara surfaffiya, a niƙa da laushi, a tankaɗe sau biyu kada tsaki ko ɗaya ya wuce, gari gwangwani biyu, ruwa bakwai. Rabin gwangwani na yi talge da shi ya dahu sosai, sauran na barbaɗa kaɗan-kaɗan ina tuƙawa har ba gudaji, na janye itace na rufe ya sulala a kan garwashi. Miyar kuka a kai, mai yauƙi, ba ƙashi ba tsokar nama.

Ranar da na fara kai masa, a tsohon akushinsa na zuba, na ajiye na ja da baya kamar yadda ake yi da. Ya buɗe da ƙyar. Ya kai babban yatsa ya danna, yatsan ya nutse. Na sunkuyar da kai na jira akushi a ka. Shiru. Da na ɗago sai na ga ya gutsuro, abin ya tsaya masa a yatsu, ya dangwali miya, ya kai baki ta gefen da yake aiki. Ya daɗe yana juya shi. Maƙoshinsa ya hau ya sauka. Ba tari. Ya ci rabin malmala ranar, ni kuwa na shiga bayan ɗaki na yi ta tsalle ni kaɗai kamar mahaukaciya.

Yaya ne kawai abin bai yi wa daɗi ba. Shi ya gaji zuciyar Baba da hannunsa, har da yadda yake cije leɓe kafin ya yi duka. Tun da aka fara wannan tuwon ya daina zama a tabarmar, yana cin nasa mai tauri a zaure.

"Auta, kin mai da mana uba jariri," ya ce min wata rana ina tankaɗe. "Mutumin da yake ɗaga buhu shi kaɗai, da wannan ruwan zai miƙe? Ƙarfi a tuwo yake."

"Ƙarfin sai an haɗiye shi tukuna, Yaya."

"Ke da gwangwaninki. Wata rana sai na taka shi."

"Ka taka, akwai wani a ɗaki."

Ya ɗaga hannu, na kauce, Inna ta ce mu ji tsoron Allah ga mara lafiya yana ji.

Ana haka sai aka aiko cewa Baffa zai zo dubiya. Ba ƙanin Baba ba ne na jini, abokinsa ne tun suna samari, Bafulatani daga wajen Burumburum, shi yake riƙe mana 'yan shanunmu. Dogon tsoho ne siriri, amma in ya riƙe ƙahon bijimi sai bijimin ya durƙusa. Duk zuwansa da Baba suke cin tuwo, suna tsokanar juna. Ya iso bayan la'asar da ƙwaryar nono a ɗaure a bayan babur ɗin da ya kawo shi, aka shigo da shi har rumfar tsakar gida inda muke jingine Baba da filo.

"Kaɗo, kai da ka ce sai ka ga bayana, kai ne a kwance?" ya ce yana zama. "Tashi, ba ka da kunya. Masara ce ta yi maka yawa, na sha gaya maka ka koma nono."

Baba ya ce "kai," rabin bakinsa ya yi dariya. Rabon da in ga haka har na manta.

Na riga na tuƙa, na ninka awon saboda baƙo, gari huɗu ruwa sha huɗu, na rufe tukunya a kan garwashi. Sai na ga daddawa ta ƙare. Na ce wa Inna kada a taɓa tukunyar, zan karɓo a gidan Goggo a ƙarshen layi. Goggo kuma in ta kama ka da tambayar jikin Malam sai ta haɗa da labarin ciwon gwiwarta.

Abin da ya faru a bayana, Inna ce ta gaya min daga baya. Yaya ya shigo daga gona, ya ga baƙo, ya bi ta murhu ya ɗaga murfi. Ya ga abu yana motsi sakwa-sakwa. Ya ce wa Inna wannan za a kai gaban Baffa? A tafi Burumburum a ce an ga Malam yana shan kunu da hannu? Inna ta ce Auta ta ce kada a taɓa. Ya ce yaushe Auta ta zama uwar gidan nan. Ya ce ba mai tauri yake nufi ba, a ɗan ɗaure shi kawai ya yi kama da na mutane. Ita ma Inna, in za a faɗi gaskiya, idonta bai taɓa yarda da tuwona ba. Ta tura itace, ta ɗebi gari da tafin hannu. Tafi ɗaya bai nuna kauri ba, don da zafi ne, ba ya nunawa. Ta ƙara, ta ƙara, hannunta ya koma abin da ya sani, har sai da muciya ta tsaya a tsakiya da kanta. Ta rufe ya ɗan sulala, ta kaɗa miyar haka ba daddawa don kada baƙo ya jira, ta kwashe aka kai.

Ina shigowa da daddawa a ƙulle a gefen mayafi na hango akushi a buɗe a tsakaninsu. Daga bakin ƙofa na gane. Tuwona kwanciya yake a akushi, wannan kuwa a tsaye yake ƙerere, da shatin mara a jikinsa. Baba kuma ya ga abin da ya yi wata da watanni yana mafarki. Bai gutsura kaɗan ba. Ya yanko loma irin ta da, ya tura.

Na ce "Baba, tsaya," amma ta riga ta shige.

Bai yi tari ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Mai tari yana da iska. Shi bakinsa a buɗe, ba sauti ko kaɗan, hagunsa tana yaƙushin wuya, ƙafarsa mai lafiya tana shurin tabarma har ta ture miya. Baffa ya yi salati ya ɗauki kwanon sha ya nufi bakinsa da shi. Na doke kwanon daga hannun dattijon, abin da ban taɓa zaton zan yi ba, ya yi sama ya faɗi can. Na taɓa gani a waya yadda ake yi wa wanda ya shaƙe, na kalla ya fi a ƙirga saboda tsoron irin wannan ranar. Na fizgo Baba gaba, na tare ƙirjinsa da hannun hagu kansa ya sunkuya, na ɗaga na dama na zabga masa gindin tafi a tsakanin kafaɗu. Da dukkan ƙarfina. Jikinsa duk ƙashi ne, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Na sake zabgawa.

Yaya ya fito daga bayan ɗaki da buta a hannu, alwala zai yi. Abin da ya gani shi ne ƙanwarsa ta danƙwafar da ubansu tana jibga, a gaban baƙo. Bai tambaya ba, ba a tambaya a gidanmu. Sandar Baba tana jingine da ginshiƙin rumfa, irin mai kan nan, ya sure ta. Na ɗaga hannu zan yi na uku, sai na ji kamar an sa gatari a tsintsiyar hannuna. Na ji ƙas. Hannun ya faɗo ya yi lilo, ba nawa ba. Ta biyu ta same ni a kafaɗa, ta uku a bayan kunne, ƙasa ta juya, na ji ɗumin jini yana bin wuyana.

"Uban naki? Uban naki kike duka, 'yar banza?"

Ban saki Baba ba. Leɓensa ya fara yin baƙi. Inna ta taho da gudu ta riƙe rigar Yaya, ya wancakalar da ita ta faɗa kan turmi. Sai Baffa ya miƙe. Ban ga yadda ya yi ba, na dai ga sandar ta yi gefe, Yaya kuma yana ƙasa rub da ciki, tsohon ya murɗe masa hannu ta baya ya sa gwiwa a gadon bayansa, fuskarsa a cikin miyar da ta zube.

"Shaƙewa ya yi, sakarai," Baffa ya ce, muryarsa ko rawa ba ta yi. "Yarinya, ci gaba."

Na jingina ƙirjin Baba a kan gwiwata, na zaro hagu na buga da ita. Hagu ba ta da ƙarfi, sai na haɗa da nauyin jikina gaba ɗaya, kowane bugu karyayyen hannun yana amsawa har ina ganin wuta. Ina kuka ina bugu. Can sai na ji wani abu ya motsa a ƙarƙashin tafina, ya yi kakari, lomar ta faɗo kan tabarma. Dunƙule take, da shatin yatsunsa a jiki, ko narkewa ba ta fara ba. Ya ja iska da wata ƙara kamar ana jan ƙofar langa-langa. Ya sake ja. Sai salati ya fito.

Baffa ya ɗaga Yaya. Ya tashi zaune, miya a gemu, yana kallon lomar, yana kallon hannuna da ya kumbura ya lanƙwashe. Baba ya daɗe yana haki. Daga nan ya miƙa hagu cikin akushi, ya ɗauko sauran malmalar guda, ya maka wa Yaya a ƙirji. Ba ta fashe ba. Ta yi tsalle ta gangara har gindin rumbu, kaji suka bi ta.

Mai ɗori ya zo kafin magariba. Mutum biyu suka danne ni ya ja hannun, wannan ba zan ba ku labarinsa ba. Aka ɗaure da karare da tsumma, aka aske min bayan kunne aka wanke.

Amma abin da ya fi karayar ciwo shi ne Baba ya rufe baki. A da fushi ne yake hana shi ci, yanzu tsoro ne, kuma tsoron ya fi wuya, don mai fushi ko jifa zai yi. Yanzu in aka kawo akushi sai jikinsa ya ɗauki rawa, ya juya fuska bango. Kunu mai kauri da muke jiƙa masa maƙoshi da shi ma ya ƙi. Kwana ya wuce, wani ya biyo, leɓensa ya bushe ya tsattsage, idonsa ya zurma. Inna ba ta iya haɗa ido da kowa, tana tafe tana riƙe da ƙugu inda turmi ya buge ta. Yaya ya daina zuwa gona, yana zaune a zaure, in na wuce sai ya sunkuyar da kai. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban jira ba. Baffa kuwa ya ƙi tafiya, ya ce shanu ba za su mutu ba, shi sai ya ga Kaɗo ya ci abinci.

Da hannu ɗaya ba a tuƙa tuwo. Na zauna a kan kujera 'yar tsugunne kusa da murhu, ƙwaryar gari a tsakanin ƙafafuna, gwangwani a hagu. Inna ta riƙe muciya. Na auna ruwa bakwai a gabanta, na ce ta ɗebi na damun talge daga ciki. Na auna gari biyu a faranti, sauran na rufe da faifai na ɗora ƙafa a kai. Tana tuƙawa, da garin farantin ya ƙare na ga hannunta ya taho wajen ƙwarya da kansa, ita ba ta ma sani ba.

"Inna."

Ta dubi hannun, ta mayar da shi kan muciya.

"Auta, kin tabbata? Ruwa ne fa."

"Zafi ne. Rufe shi."

Ya sulala, ta kwashe, muka jira ya huce. Na ce a kira min Yaya. Ya zo ya tsaya nesa.

"Ɗauki akushin nan ka kai."

Ya ɗauka.

"Kuma kada ka ajiye ka tashi. Wanke hannu za ka yi."

Ya ɗago ya dube ni. Na ga ya fara cije leɓe, sai idonsa ya sauka kan kararen hannuna, ya saki. Ya ɗauki buta.

Ya zauna a tabarmar, a wurin da ya saba zama tun yana yaro. Ya buɗe akushi. Baba ya juya fuska bango, jikinsa yana rawa. Yaya ya yi bisimilla, ya gutsuri tuwon da yake kira ruwa, ya dangwali miya ya ci. Ya sake gutsura. Baffa yana gefe yana jan carbi.

"Yaro, yaya tuwon?"

"Ba laifi, Baffa."

"To ci a hankali. In ka cinye na Kaɗo ni ba zan sake raba ku ba, bayana ciwo yake."

Baba bai juyo gaba ɗaya ba, ido kawai ya karkato. Ya daɗe yana kallon maƙoshin Yaya yana hawa yana sauka. Sannan hagunsa ta taso daga kan cinya, ta isa akushi. Ya danna da babban yatsa. Yatsan ya nutse har gaɓa. Ya zare, ya sake dannawa a wani gefen, nan ma ya nutse. Ya ɗago ya neme ni da ido inda nake tsaye a jikin ginshiƙi. Na ɗaga masa gwangwanin.

Ya gutsuri ɗan kaɗan, bai fi kan yatsa ba. Yaya ya tura masa kwanon miya kusa da hagunsa. Ya dangwala ya kai baki. Duk gidan ba mai motsi, har Baffa ya tsayar da carbi. Maƙoshin ya hau, ya tsaya, ya sauka.

Yaya ya miƙa hannu zai ƙara loma, ta gefen da ke gaban Baba. Baba ya doke bayan hannun da hagu, da ƙarfi har sai da na ji ƙarar.

"Kai," ya ce, ya jawo akushin gabansa.